Sunan Mai Kira Bai Fito Ba, Ko Lambar Wani Ta Bayyana: Tambayoyi da Amsoshi

Idan waya ta yi ƙara, abu biyu ne ke fitowa a fuskarta, kuma ba daga wuri ɗaya suke zuwa ba. Lambar mai kira kamfanin layi ne ke turo ta tare da kiran. Sunan kuwa babu ruwan kamfani da shi. Wayarka ce ke karɓar lambar da ta shigo, ta bi jerin mutanen da ka ajiye, idan ta dace da wani sai ta ɗora sunansa a kai. Saboda haka kafin a taɓa komai, a fara tantance abin da ya ɓata: lambar ce ba ta iso ba, ko ta iso amma wayar ta kasa haɗa ta da suna? Mutane da yawa a Kaduna sun biya mai gyara ya goge musu waya baki ɗaya, hotuna da lambobi suka salwanta, a kan matsalar da tun farko ba a cikin wayar take ba.

Wani lokaci wayata ta rubuta "Private number", wani lokaci "Unknown". Duk abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake duka biyun babu lamba a allo. Idan ka ga `Private number` a Android, ko `No Caller ID` a iPhone, lambar tana nan a hannun kamfanin layi, sai dai an haɗo ta da umarnin kada a nuna maka. Mai kiran ne ya ɓoye, ko da gangan ko kuma saitin wayarsa ya canza bai sani ba. `Unknown` kuwa yawanci yana nufin lambar ta faɗi a hanya, kiran ya iso wurin kamfaninka babu ita. Hakan ya fi faruwa da kiran da ya taso daga ƙasar waje ya ratsa kamfanoni biyu ko uku, da kiran da aka yi ta intanet zuwa layi, da wasu wayoyin ofis da ke fita ta na'ura ɗaya.

Wasu wayoyin ba sa bambancewa, kalma ɗaya suke rubutawa ga duka biyun, musamman ƙananan wayoyi masu madannai. Abin da za ka duba shi ne yawan abin. In mutum ɗaya ne ko biyu ke shigowa haka, daga ɓangarensu ne. In kowa da kowa ne, har matarka da ke ɗaki ɗaya da kai, to ko layinka ne aka cire wa hidimar nuna lamba, ko manhajar kiran ta rasa izini. Danna wannan kamar za ka kira:

```
*#30#
```

Zai tambayi kamfani ko hidimar nuna maka lambar mai kira tana aiki a layinka. In amsar ta nuna ba ta aiki, babu abin da za ka gyara a waya, sai ka kira kamfanin a 300, lambar da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗa dukkan kamfanoni a kanta don sashen kula da masu layi.

Na ajiye sunan yayata, amma idan ta kira lamba kawai nake gani. Me ya jawo?

Tun da lambar ta fito, kamfanin layi ya gama nasa aikin. Matsalar tana tsakanin manhajar kira da jerin sunayenki.

Ki fara da izini. A Android ki shiga `Settings`, sai `Apps`, ki zaɓi `Phone`, ki buɗe `Permissions`, ki tabbata `Contacts` da `Call logs` duk an ba su dama. Wannan izinin yakan tsinke bayan waya ta sabunta kanta, ko kuma idan an saka wata manhajar kira ta daban ta zama ita ce ke amsa kira ba tare da an ba ta damar karanta sunaye ba. Yara ma sukan danna `Deny` a cikin wasa ba su san me suka yi ba.

Na biyu, ina sunan yake zaune? Waya tana iya ajiye suna a kan sim, ko a cikin kanta, ko a asusun Google, ko iCloud. Sim ba ya ɗaukar fiye da kimanin suna 250, kuma duk wanda aka ajiye a kansa yana tafiya da shi. Wadda layinta ya ɓata ta je aka yi mata walkam-bak ta dawo da lambarta, amma sabon sim ɗin fanko ne, sunayen suna can kan tsohon. Haka wadda aka fitar da asusun Google ɗinta daga waya a wurin gyara: sunayen ba su mutu ba, suna jiran ta mayar da asusun ta kunna `Sync` na `Contacts`. Mun fi son mutum ya kwashe duk sunayensa zuwa asusu ɗaya na Google ko iCloud, ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya adana, domin sim ba ma'aji ba ne mai ɗorewa.

Na uku, yadda aka rubuta lambar. Lambar Najeriya tana da fuska biyu: `0803XXXXXXX` mai lamba goma sha ɗaya, da `+234803XXXXXXX` inda 234 ta maye gurbin sifilin farko. Wayoyin zamani sun san duka biyun ɗaya ne. Inda suke rikicewa shi ne idan an haɗa biyun, aka rubuta `+2340803XXXXXXX`, ko aka saka 234 babu alamar tarawa, ko kuma wayar iPhone ce da aka sayo ta hannu tana ɗauka har yanzu a wata ƙasa take. Ga mai iPhone, ki duba `Settings`, `General`, `Language & Region`, ki mayar da `Region` zuwa Nigeria. Rubutun da ya fi kwanciyar hankali shi ne mai +234, don yana aiki a Kawo yana aiki a Makka ba sai an sake komai ba.

Akwai kuma wani da ba matsala ba ne sam. Idan waya ta mutu, aka jona ta a caji ta tashi da kanta, ba a buɗe ta da lambar sirri ko sau ɗaya ba, sunayen suna nan a kulle. Duk kiran da ya shigo a wannan lokacin lamba zalla zai nuna. Da zarar kin buɗe ta sau ɗaya, shi ke nan.

Mutane suna ce min lambata ba ta fitowa idan na kira su, alhali ban ɓoye ta ba. Ta ina zan fara?

Wannan ita ce ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, domin mai ita ba ya ganin komai a wayarsa. Shi dai ya ga ana ƙin ɗaga kiransa.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci da ya sayi waya mai sim biyu wadda wani ya taɓa amfani da ita, ya saka layin kasuwa a gurbi na farko, na gida a na biyu. Kwana uku yana kiran direban da zai sauke masa kaya a tashar Kawo, ba a ɗagawa. Da ya aiki yaronsa, direban ya ce, "Wallahi Alhaji bai kira ni ba, ɓoyayyar lamba ce dai ke ta damuna, ni kuwa ba na ɗaga irinta." Ga yadda ake bin sawun abin ba tare da an kashe ko sisi ba.

Da farko ya ajiye wayar yaron a kan tebur ya kira ta da layin kasuwa. Ta nuna `Private number`. Ya sake kira da layin gida, lamba ta fito sarai. Wannan ya nuna wayar ba ta lalace ba, layi ɗaya ne abin ya shafa, kuma haka ake tsammani, domin saitin ɓoye lamba kowane sim da nasa. Sai ya danna wannan ya zaɓi layin kasuwa:

```
*#31#
```

A wayoyin Android da yawa amsar takan zo kamar haka: `Caller ID defaults to not restricted. Next call: Restricted`. Rabin farko yana cewa kamfani bai ɓoye lambar ba. Rabi na biyu yana cewa wayar ce ke neman a ɓoye a kira na gaba. Mai laifin ya fito ke nan: saitin da tsohon mai wayar ya bari, ko wanda wani ya taɓa.

Gyaran yana cikin manhajar kira, ba cikin babban saitin waya ba. Ya buɗe `Phone`, ya taɓa ɗigo ukun nan na sama, ya shiga `Settings`, sai `Calling accounts`, ya zaɓi sim ɗin da ke da matsala, sai `Additional settings`, sai `Caller ID`. Zaɓi uku ne a ciki: `Network default`, `Hide number`, `Show number`. Ya tarar da shi a kan na biyu, ya mayar da shi `Show number`, ya sake kiran wayar yaron, lamba ta fito. A Tecno da Infinix da itel sunayen matakan sukan ɗan bambanta daga samfuri zuwa samfuri, amma `Caller ID` ɗin ake nema. A Samsung yana ƙarƙashin `Supplementary services`, da sunan `Show your caller ID`. A iPhone kuma `Settings`, `Phone`, `Show My Caller ID`. Daga iOS 18 sai an fara shiga `Apps` kafin a ga `Phone`.

Da a ce ya tarar da saitin daidai amma lambar ta ci gaba da ɓuya, gwaji na gaba shi ne ya cire sim ɗin ya saka a wata waya. In matsalar ta bi sim ɗin, daga kamfani ne, sai 300 ko ofishinsu. In ta tsaya a wayar, a nan za a ci gaba da nema.

Wani lokaci kuma mutum ɗaya tak ke ƙorafi, saura duk suna ganin lambarka. Buɗe sunansa a jerin sunayenka ka dubi lambar da kyau. Idan an ajiye ta da `#31#` a gabanta, duk sanda ka taɓa sunan wayar za ta ɓoye lambarka gare shi shi kaɗai. Hakan na faruwa idan an taɓa kiransa a ɓoye, sannan aka ajiye lambar kai tsaye daga jerin kiran da aka yi.

Na shiga wurin `Caller ID` ɗin, ya yi ta juyawa ya ƙi buɗewa, ko ya dusashe ba ya taɓuwa.

Wannan shafin ba kamar na canza ƙarar waya ba ne. Duk sanda ka buɗe shi sai wayar ta tambayi kamfani halin da layinka ke ciki, shi ya sa yake jinkiri, kuma shi ya sa yake rubuta `Network or SIM card error` in sabis ya yi rauni. Ka fita inda sabis ke da ƙarfi, ka kashe `Wi-Fi calling` in yana kunne, ka gwada. In ya ƙi, ka sauko da layin zuwa 3G ko 2G na ɗan lokaci, ka gyara saitin, ka mayar da shi yadda yake. Idan kuwa saƙon da ya fito shi ne `You can't change the caller ID setting` ko `Service not provisioned`, kamfani ne ya kulle, kuma babu mai gyaran da zai buɗe maka shi a teburinsa. Kafin a warware, kana iya gwada fito da lambarka a kira ɗaya ta hanyar rubuta `*31#` a gaban lambar da za ka kira, ko da yake ba lallai ya yi aiki ba in kamfani ne ya kulle.

Ina so in ɓoye lambata a kira ɗaya kawai. Yaya ake yi, kuma wa take ɓuya wa?

Rubuta `#31#` a gaba, ka bi shi da lambar babu tazara:

```
#31#0803XXXXXXX
```

Kiran nan kaɗai zai tafi a ɓoye, na gaba zai koma yadda aka saba. Wannan ya fi a je a canza saiti gaba ɗaya, domin wanda ya canza saiti yakan manta, sai bayan mako ya fara mamakin me ya sa ba a ɗaga kiransa. Ka lura da bambancin alamar farko: `#31#` ɓoyewa, `*31#` bayyanawa. Kuma ka gwada a wayar da ke kusa da kai kafin ka dogara da shi, don ba kowane layi ne aka buɗe wa wannan damar ba. Wani layin in an nemi ɓoyewa sai kiran ya katse nan take, wani kuma ya wuce da lambar a fili.

Akwai dalilai na halal da ke sa a ɓoye lamba. Matar aure da za ta tambayi farashin kaya wurin wanda ba ta sani ba, ko malamin asibiti da zai kira majiyyaci da layinsa na gida, duk suna da hujja. Amma a san iyakar abin. Fuskar wayar wanda aka kira kawai ake rufewa. Kamfaninka ya san lambar, kamfanin wanda ka kira ma ta ratsa ta hannunsa, an rubuta lokaci da tsawon kiran, kuma layin yana ɗaure da NIN ɗin mai shi. Saƙon tes ba ya ɓuya da wannan hanyar, lambarka za ta fito tare da shi. Kiran WhatsApp ma babu ruwansa da `#31#`, domin ba ta hanyar kiran layi yake bi ba. Wanda ya ɓoye lamba don ya tsorata wani ko ya dami 'yar mutane cikin dare, sawunsa yana nan a rubuce.

Ana damuna da ɓoyayyar lamba. Akwai lambar da zan danna, ko manhajar da za ta tona min mai kiran?

Babu. Dalilin kuwa mai sauƙi ne: lambar ba ta shigo wayarki ba balle a tono ta. Kamfani ne ke riƙe ta a can kafin kiran ya iso. Truecaller da ire-irenta suna aiki ne da lambar da ta bayyana, su nemo mata suna. In babu lamba, babu abin da za su nema. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ko ki sauke wata manhaja zai fito miki da lambar, kuɗinki yake so, ko sunayen da ke wayarki.

Abin da ke da amfani shi ne rubutu. Ki riƙa rubuta ranar da aka kira, da ƙarfe nawa da minti nawa, da tsawon kiran, ki ɗauki hoton jerin kiran. In akwai barazana ko neman kuɗi, ki kai wa 'yan sanda wannan bayanin, su ne ke da hurumin neman bayanan kira daga kamfani. Kamfani ba ya miƙa wa mai layi lambar da aka ɓoye don kawai ya tambaya. Daidaiton lokacin shi ne ke sa a iya gano kiran a cikin dubbai, don haka "jiya da daddare" ba ta wadatar ba.

Kina kuma iya rufe ƙofar. A manhajar kira ta Google, ki shiga `Settings`, `Blocked numbers`, ki kunna `Unknown`. A Samsung yana cikin `Block numbers`. Wannan yana tare kiran da ya zo babu lamba. Na iPhone mai suna `Silence Unknown Callers` ya fi haka faɗi, kuma a nan mutane ke cutar kansu: yana kashe ƙarar duk lambar da ba ki ajiye ba kuma ba ki taɓa hulɗa da ita ba, ko da a fili ta zo. Mai sana'ar da baƙi ke kira, ko wadda ke jiran ɗan saƙo ya kawo kaya daga tashar jirgin Rigasa, ba za ta ji kiransu ba. Ko toshe ɓoyayyun lambobi zalla yana da farashi, domin kiran ɗan'uwa daga waje da lambarsa ta faɗi a hanya shi ma zai iya faɗawa ciki.

Mutum ya kira ni, sunan wani daban ya fito. Ta yaya?

Duba da kyau ko sunan daga jerinka ya fito ko daga wata manhaja, domin maganinsu daban ne.

In daga jerinka ne, mafi yawa lamba ɗaya ce aka ajiye da suna biyu, ko waya ta haɗe mutum biyu wuri ɗaya don sunayensu sun yi kama. Wanda ke da Malam Sani uku a waya ya san wannan. Buɗe sunan ka ga lambobin da ke ƙarƙashinsa, ka raba su, ka goge maimaicin. Wasu tsofaffin wayoyi masu madannai in suka tarar da lamba ɗaya da suna biyu ba sa zaɓar ko ɗaya, sai su nuna lamba tsirara. Irin waɗannan wayoyin kuma sau da yawa ba sa karanta lambar duka, na ƙarshe kawai suke gwadawa, galibi bakwai. To a nan an saba mutum ya nemi layi biyu masu ƙarshe iri ɗaya, ɗaya ya fara da 0803 ɗaya da 0806, ya riƙe ɗaya ya ba uwargida ɗaya. A wurin irin wannan wayar duk lamba ɗaya ce, ko dai ta nuna wanda ta fara cin karo da shi a jeri, ko ta nuna lamba tsirara.

In kuwa Truecaller ce ta kawo sunan, ka sani ba daga rajistar layi take samo shi ba. Daga jerin sunayen masu amfani da ita take tarawa, da abin da mutane suka rubuta da kansu. In mutum goma sun ajiye ka da "Mai Kifi Kakuri" tun kana wannan sana'ar, haka za ka riƙa fitowa ko da yanzu kai malamin makaranta ne. Mai lambar yana iya gyara sunansa in ya yi rajista a manhajar, ko ya cire lambarsa gaba ɗaya a shafinsu na `truecaller.com/unlisting`. Wannan sunan alama ce kawai, ba shaida ba. Ɗan damfara ma yana iya sa wa lambarsa sunan banki.

Sai kuma layin da ya canza hannu. Layin da aka daina amfani da shi, ba kira ba kati ba data, kamfani yana rufe shi bayan watanni, in aka doshi shekara yana iya sayar da lambar ga wani. Sunan marigayi ko na tsohon abokin da ya bar layin zai ci gaba da fitowa a wayarka, alhali baƙo ne ke riƙe da ita. Kafin ka tura kuɗi ko sirri zuwa lambar da ka daɗe ba ka kira ba, ji muryar mai ita tukuna.

Ƙanena yana Saudiyya, amma idan ya kira lambar Najeriya nake gani, kuma kullum daban. Ya dawo ne bai faɗa ba?

Yana can inda yake. Kuɗin da ake biyan kamfanin Najeriya don ya sauke kiran da ya zo daga waje ya fi na kiran cikin gida nesa ba kusa ba. Wasu dillalan kira, don su kauce wa wannan kuɗin, sukan ɗauko kiran ta intanet, su shigo da shi ƙasa, su zuba shi cikin wata na'ura mai ɗauke da sim masu yawa na gida. Na'urar ce ke kiranka da ɗaya daga cikin waɗannan sim ɗin, shi ya sa lambar ke canzawa kowane lokaci. Wasu kuma ba sa ma amfani da sim, lambar kawai suke sauyawa ta koma kamar ta gida. NCC ta haramta wannan, kuma ta yi ta fama da masu yin sa musamman a 2017 da 2018.

Alamominsa a bayyane suke: murya tana jinkiri ko tana amsa-kuwwa, kiran yana yawan yankewa, in ka sake kiran lambar ba ta shiga ko ba a ɗagawa. Kada ka ajiye ta da sunan ƙanenka, gobe wani baƙo zai iya shigowa da ita sunansa ya fito. Ya fi faruwa idan mai kiran yana amfani da katin kira mai arha ko manhajar kiran layi ta intanet. Kana iya kai rahoto ga kamfaninka tare da lambar da lokacin kiran, in ba su yi komai ba ka kira NCC a 622, kyauta ne, ka riƙe lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ka domin za a tambaye ka ita.

An kira ni da lambar da ta yi daidai da ta bankina. Ba shi ke nan ta tabbata su ne ba?

Ba ta tabbata ba. Tsarin kiran waya an gina shi ne tun zamanin da kamfanoni ƙalilan ne ke haɗa kira kuma sun yarda da juna, don haka lambar da mai tura kira ya rubuta ita ake miƙawa gaba. Wanda ke tura kira ta intanet yana iya rubuta lambar da ba tasa ba, wayarka kuma ta karɓa, ta duba jerinka, ta ɗora sunan bankin da kai da kanka ka ajiye. Ba kullum yake wucewa ba, kamfanoni suna tare wasu, amma yana wucewa isasshe har a kiyaye.

Sauya lamba yana aiki ne a kiran da ke shigowa kawai. In kai ka danna lambar da hannunka, wurin mai ita na gaskiya za ta je. Don haka ka katse, ka ɗauko katinka na ATM, ka kira lambar da ke bayansa, ko ka taka zuwa reshe. Banki ba ya tambayar PIN, ko OTP, ko lambobi ukun da ke bayan kati ta waya. Wanda ya karanto maka sunanka da ranar haihuwarka da BVN ɗinka bai tabbatar da komai ba face ya samo bayananka a wani wuri. Haka in lambar ɗanka ko ta maigidanka ta fito, wata murya tana cewa an yi haɗari a turo kuɗi yanzu-yanzu: katse ka kira shi da kanka.

Na kira da layina na kasuwa, amma wanda na kira ya ga lambar gida. Kuma a saitin waya an rubuta lambata `Unknown`.

Na farkon yawanci aikin sim biyu ne. Waya tana da zaɓin sim ɗin da kira zai fita ta kansa, a `SIM cards` ko `SIM manager`, kuma wasu wayoyin suna tuna sim ɗin da ka kira kowane mutum da shi a baya su ci gaba da amfani da shi. In ka sauya wa sim ɗin gurbi bayan gyara, abin da ka saba dannawa a matsayin na ɗaya ya zama na biyu. Ka sa wa kowane sim suna, "Kasuwa" da "Gida", ka saita kira a kan `Ask every time`. Kada kuma ka dogara da farkon lamba wajen gane kamfani: tun 2013 ake ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani, mai 0803 yana iya kasancewa ya bar MTN da daɗewa.

Batun `Unknown` da ke cikin `SIM status` kuwa ba ciwo ba ne. Akwai wani ɗan gurbi a jikin sim da ake iya rubuta lambar layin, kuma sau da yawa ana barinsa fanko, ko ya riƙe tsohuwar lamba bayan an yi ƙaura. Kamfani ba da wannan gurbin yake gane ka ba, da wata lambar shaida ta cikin sim ɗin yake aiki. Shi ya sa gyara `My Number` a iPhone ba ya canza abin da mutane ke gani in ka kira su. In kana son sanin lambar da kake fita da ita a zahiri, ajiye wayar wani a gabanka ka kira ta da kowane sim ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da ya fito.